Yadda ake ba da maki a intabiyun ɗaukar aiki: fashin baƙi daga wani sito a Sakkwato

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata a garin nan ya san yadda taron yake tashi. An ga mutum goma sha biyu tun daga hantsi har bayan la'asar, kowa ya gaji, zafi ya gasa mutane, sai babban da ke kan kujera ya gyara zama ya ce, "Ni dai wanga yaro na huɗu ya yi mini." Sauran su gyaɗa kai. Da za ka tambayi ɗaya daga cikinsu abin da na huɗun ya faɗa wanda ya fi na na tara, da wuya ya kawo maka jimla guda. Abin da ya rage masa a kai shi ne fara'ar yaron da gugar kaftaninsa da yadda ya iya gaisuwa.

Na yi irin wannan zama ba sau ɗaya ba, kuma ya daɗe yana damuna, domin wanda aka bari a waje yana da iyali, kuma bai san an kayar da shi a kan abin da ba a auna ba. Shi ya sa nake so in warware yadda ake ba da maki bisa ma'auni tsararre, in bi ta kan zama guda da muka yi lokacin da wani kamfanin sayar da taki da iri yake neman mai kula da sito. Mu uku ne a kwamitin: mai kamfanin, wanda kowa ke kira Alhaji, da akantarsa, wata Hajiya mai tsananin lura, da ni da aka gayyato daga waje.

Kuskuren da ake fara yi shi ne a ɗauka cewa da zarar an raba takarda mai layuka aka ce kowa ya ba da maki daga ɗaya zuwa goma, to an yi tsari. Lamba ita kaɗai ba ta da ma'ana. Bakwai ɗin Alhaji da bakwai ɗin Hajiya ba abu ɗaya ba ne, kamar yadda mudun wata kasuwa yake bambanta da na wata. Idan ba a rubuta a gaban kowace lamba irin amsar da ta cancance ta ba, abin da aka yi kawai shi ne an ɗauki "ya yi mini" an sa masa rigar lissafi. Aikin gaske ana yin sa ne kwana biyu ko uku kafin mai neman aiki na farko ya taka ƙofar.

Mun fara da zama da tsohon mai kula da siton, wanda shekaru suka sa zai ajiye aiki. Ba mu tambaye shi halayen da ake so ga mai sito ba, domin amsar a bakin kowa take: gaskiya, amana, haƙuri. Mun ce ya ba mu labarin ranakun da abu ya lalace, da ranakun da wani ya ceci kamfanin daga asara. Ya ba mu labarin tirelar da ta iso da gibin buhu, da ranar da wani ɗan uwan mai gida ya zo ya ce a ba shi buhu ashirin takarda za ta biyo baya, da daminar da aka jera buhunan yuriya a ƙasa ba katako har danshi ya dunƙule su suka zama kamar dutse, da rigimar 'yan dako a kan kuɗin saukale. Wannan hanya ta tattara ainihin abubuwan da suka faru a bakin aiki tsohuwa ce, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, John Flanagan, ya bayyana ta tun 1954. Daga labaran dattijon muka fitar da abubuwa huɗu da za mu auna: lissafin kaya, riƙon amana lokacin da aka matsa wa mutum, mu'amala da direbobi da 'yan dako, da kiyaye kaya daga lalacewa. Kowanne muka ba shi tambaya guda, aka rubuta ta kalma da kalma, kuma kowa za a yi masa ita a jeri ɗaya.

Bari in tsaya a kan tambayar lissafin kaya, domin a nan za a ga yadda ma'aunin yake. Mun rubuta ta haka: "Tirela ta kawo taki. Takardar kaya ta ce buhu 600, kai kuma ka ƙirga 594. Direba yana sauri zai kama hanyar Illela, yana cewa ka sa masa hannu, manaja kuma bai ɗauki waya ba. Me za ka yi?"

Sai muka rubuta amsoshi uku a ƙarƙashinta. Maki 1 na wanda ya ce zai sa hannu a kan 600 ne, ko don kada ya ɓata wa direba lokaci, ko da niyyar a daidaita daga baya. Maki 3 na wanda ya ce ba zai sa hannu ba, zai tsayar da direba har a sami manaja. Wannan ya kare kamfani, amma bai warware komai ba, ya bar mota tsaye da direba mai fushi. Maki 5 na wanda ya ce zai sake ƙirgawa a gaban direba da shaida ɗaya, ya rubuta 594 a jikin takardar kayan, su biyu su sa hannu, ya ɗauki hotonta, ya shigar da 594 a littafin sito, sannan ya aika wa manaja saƙo. Maki 2 da 4 mun bar su ga amsar da ta faɗa tsakani, misali wanda ya sake ƙirgawa da shaida ya rubuta gibin amma ya manta da sanar da manaja, wannan huɗu ne.

Duba da kyau za ka ga babu kalmar "mai kyau" ko "mai rauni" a ko'ina cikin bayanin. Kowane mataki aiki ne da kunne zai iya ji an ambata ko ba a ambata ba. Irin wannan ma'auni da ake ɗaure kowace lamba da wani aiki takamaimai, Patricia Smith da Lorne Kendall ne suka fito da shi a 1963, a wani aiki da suka yi kan auna ma'aikatan jinya. Mun tsaya a kan matakai biyar da gangan. Ba wanda zai iya rubuta bambanci mai ma'ana tsakanin shida da bakwai cikin goma, kuma duk inda bayani ya ƙare, son rai ne ke cike gurbin.

Tambayar amana mun yi ta a kan abin da ya riga ya wuce: "Ba mu labarin wani lokaci da wanda ya girme ka, ko yake sama da kai a wurin aiki, ya nemi ka ba shi kaya ko kuɗi ba bisa ƙa'ida ba. Me ya faru, me ka yi, yaya aka ƙare?" Irin wannan tambaya ta fi wuyar yi wa kwalliya, domin labarin ƙarya ba ya jure tambaya ta biyu. Mun yarda a kan tambayoyin bi-baya guda biyu kacal, waɗanda za a iya yi wa kowa: "Kai da kanka me ka yi?" da "Me ka ce masa?" Dalilin taƙaita su shi ne, idan aka bar kowa ya tambayi abin da ya ga dama, wanda ake so za a riƙa jan sa a hankali har ya iso ga amsar, wanda ba a so kuma a bar shi da shirunsa. Wanda bai taɓa aikin albashi ba mun yarda ya kawo misali daga shagon gidansu ko makaranta ko bautar ƙasa.

Akwai kuma shawara biyu da muka yanke a gaba, waɗanda suka shafi Sakkwato musamman. Ta farko, mai neman aiki zai amsa da Hausa ko da Turanci, wanda ya fi masa sauƙi, kuma ba a ba da maki a kan harshe. Mai sito da 'yan dako da direbobi yake wuni. Abin da yake buƙata na boko shi ne cike littafi da karanta takardar kaya, wannan kuwa da biro ake gwada shi. Ta biyu, ba a rage wa kowa maki don ya sunkuyar da kai. Yaron da aka tarbiyyantar a gidan da ba a kallon babba ido cikin ido, ko macen da ke zaune gaban maza biyu baƙi, kunya ce za ta sa su yi ƙasa da murya, kuma littattafan intabiyu da aka rubuta a wasu ƙasashe sukan lissafa wannan a matsayin rashin yarda da kai. A nan wannan ladabi ne, bai gaya maka komai game da ko mutum zai iya hana buhu fita ba takarda.

Sai nauyi. Abubuwan huɗu ba su zama daidai ba a wurin mai kamfani, saboda haka lissafin kaya da amana kowanne muka ba shi nauyin uku, mu'amala da kiyaye kaya kowanne biyu. Ana ninka makin kowace tambaya da nauyinta a tara, mafi yawan abin da mutum zai samu hamsin ne. Muka kuma sa iyaka: duk wanda ya sami ƙasa da uku a amana ya fita, ko da jimlarsa ta fi ta kowa. Dole ne a tsayar da nauyi da iyaka kafin a ga fuskar kowa. Idan aka bari sai bayan intabiyu, za a sami wanda zai ce ai mu'amala ce ta fi muhimmanci, kuma za ka tarar ɗan takararsa ne ya fi kowa maki a mu'amala.

A ranar zaman kowannenmu yana da takardarsa. Yayin da mutum yake magana, muna rubuta abin da ya faɗa, kusan da kalmominsa: "zan kira shaida", "zan sa hannu in gaya wa manaja gobe". Ba a rubuta "yana da hankali" ko "bai burge ni ba". Da ya fita, kowa ya sa makinsa shi kaɗai, tambaya bayan tambaya, ba wanda ya buɗe baki sai an rufe biro. Wannan ƙa'ida ita ce ta fi kowace wahalar tsayarwa, kuma ita ce ta fi amfani. A al'adarmu, idan Alhaji ya fara cewa ya ba da biyar, Hajiya da ke cin albashi a hannunsa ba za ta ce biyu ba, ni ma da nake baƙo kara za ta hana ni. Daga nan kwamitin mutum uku ya koma mutum ɗaya mai inuwa biyu. Saboda haka muka roƙe shi tun farko ya zama na ƙarshe wajen bayyana makinsa. Ya yi dariya ya ce, "Ni da kamfanina?" Amma ya yarda.

Cikin mutum tara da muka gani, uku ne suka tsaya a rai. Na farko matashi ne mai digiri, bakinsa kamar reza, ya shigo da sallama mai daɗi ya gaida kowa da sunansa. A lissafin kaya ya sami huɗu, ya cancanta. Da aka zo tambayar amana sai ya yi jawabi mai tsawo a kan muhimmancin gaskiya, har da aya da hadisi. Hajiya ta ce, "To kai da kanka me ka yi?" Ya ce wani kawunsa ya taɓa karɓar kaya a shagon da yake tsaro, ya ba shi saboda girmansa, daga baya ya shaida wa mai shagon. Da aka buɗe takardu, Alhaji ya ba shi huɗu, ni da Hajiya biyu biyu. Ƙa'idarmu ita ce idan tazara ta kai maki biyu ba a raba tsakiya, a koma ga abin da aka rubuta. Hajiya ta karanta nata: "Ya ba shi kayan. Ya faɗa daga baya." Ta ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da ke gaban maki biyu a takardarmu: ya bayar, amma bai ɓoye ba." Alhaji ya duba tasa takardar, ya ga abin da ya rubuta kawai shi ne yaron ya san addini. Ya yi shiru kaɗan, ya soke huɗun ya sa biyu.

Abin da ya sami Alhaji yana samun kowa. Idan mutum ya burge ka a abu ɗaya, hasken wannan abu yakan bazu a kan sauran har ka ga duk ya iya su. Edward Thorndike ya rubuta a kan haka a 1920, bayan ya lura cewa hafsoshin soja da ke auna na ƙasa da su sukan ba mutum maki kusan iri ɗaya a siffofin da ba su da alaƙa da juna. Ana gane shi a takarda cikin sauƙi: ka ga layin mutum guda huɗu, huɗu, biyar, huɗu, alhali gurbin da ya kamata a rubuta abin da ya faɗa fayau yake.

Na biyu dattijo-dattijo ne daga wajen Gwadabawa, ya yi shekaru yana kula da ɗakin ajiyar albasa. Da Hausa ya amsa komai, a taƙaice, idonsa a kan tebur. A tambayar tirela ya ce, "In ƙara ƙirgawa gaban direba da sarkin 'yan dako, abin da muka samu shi za mu rubuta, shi ya sa hannu ni in sa." Bai ambaci sanar da manaja ba, huɗu ke nan. A kiyaye kaya ya yi maganar katako a ƙasa, da barin tazara tsakanin buhu da bango, da fitar da tsohon kaya kafin sabo. Ta uku wata matashiya ce da ta yi aiki a shagon magani, ta fi shi iya sasanta rigima, ya fi ta saurin gane gibi a lissafi.

Ga yadda lissafin ya fito, bisa jerin lissafin kaya, amana, mu'amala, kiyaye kaya. Mai digiri ya sami huɗu, biyu, huɗu, biyu. Idan aka ninka da nauyi, 12 da 6 da 8 da 4, jimla 30, kuma iyakar amana ta riga ta fitar da shi. Mutumin Gwadabawa ya sami huɗu, huɗu, uku, huɗu, wato 12 da 12 da 6 da 8, jimla 38. Matashiyar ta sami uku, huɗu, huɗu, huɗu, wato 9 da 12 da 8 da 8, jimla 37. Da a tsohon salo ne, ba na shakka mai digirin za a ɗauka kafin a idar da sallar la'asar.

Kafin a yanke hukunci yana da kyau a shimfiɗa takardun duka a duba su ta tsaye, wato makin da kowane ɗan kwamiti ya ba dukkan mutane. Za ka ga mai hannun kyauta da ba ya sauka ƙasa da huɗu, da mai tsanani, da wanda ya maƙale a kan uku don kada ya ɓata wa kowa. Akwai abin da mutane ba su cika lura da shi ba a nan. Mai tsanani ba ya cutar da kowa muddin shi ne ya auna dukkan masu neman aikin, domin kowa ya sha tsananinsa daidai. Cutar tana zuwa ne idan kwamiti ya canja a tsakiya, misali mai tsananin ya tafi ta'aziyya da azahar wani mai sassauci ya maye gurbinsa. Nan take 'yan safe sun yi asara ba laifinsu. Haka kuma wanda ya maƙale a kan uku ya zubar da ƙuri'arsa ne ba tare da ya sani ba, domin tun da bai bambanta kowa da kowa ba, wanda ke amfani da ma'aunin daga ɗaya har biyar shi kaɗai ke yanke jerin. A duba kuma ko maki yana sauka yayin da rana take yi, ko wani ya sami tagomashi don kawai ya biyo bayan wanda ya yi rauni ƙwarai. Mu mun raba mutum taran gida biyu, biyar kafin azahar, huɗu bayan an yi salla an ci abinci, kuma wanda ya gama ta wata ƙofa yake fita, don kada tambayoyin su isa ga masu jira a benci.

Wani zai ce duk wannan wahala tana biyan kuɗin sabulu kuwa? Masu bincike suna auna yadda makin intabiyu ke dacewa da ƙwazon mutum bayan ya kama aiki, a kan ma'aunin da sifiri ke nufin babu alaƙa, ɗaya kuma cikakkiyar dacewa. Frank Schmidt da John Hunter, da suka tattara binciken shekaru masu yawa a 1998, sun ba intabiyu tsararre 0.51, wanda ba tsararre ba 0.38. A 2022 Paul Sackett da abokan aikinsa suka sake lissafin da hanya mafi tsantseni, suka sami 0.42 da 0.19. Galibin wannan bincike a Amurka aka yi shi, amma dalilan da ke sa hirar baka ta ruɗi mutum suna nan a ɗakunan taronmu. Sai dai a lura, 0.42 yana da nisa da ɗaya. Ma'aunin yana rage kuskure ne sosai, bai kawar da shi ba. Kuma idan an riga an kawo takardar alfarma daga wani babba an ajiye sunan wanda za a ɗauka, takardar maki ba ta da ƙarfin hana hakan. Iyakar abin da take yi shi ne ta bar shaida a rubuce, har wanda zai tsallake ta ya san abin da yake tsallakewa.

Saboda wannan nisan ne ban yarda a ce 38 ta kayar da 37 ba. Da makin ɗayansu ya motsa da ɗaya a tambaya ɗaya, da jerin zai iya juyawa. Tazarar 30 da 38 abin dogaro ce, ta 37 da 38 kuwa kunnen doki ne. Muka kira su biyun washegari da safe zuwa siton kansa. Kowanne aka ba shi shafin littafin sito na mako guda wanda Hajiya ta dasa kurakurai uku a ciki, da layin buhuna da zai ƙirga ya gwada da abin da ke rubuce, minti talatin kowanne, kuma mun rubuta tun daren cewa wanda ya fi gano kurakurai shi ne zai karɓi makulli. Matashiyar ta gano biyu. Mutumin Gwadabawa ya gano ukun, sannan ya nuna wa Alhaji wani lungu da rufin kwano ke ɗiga, ya ce a janye buhunan da ke wurin kafin ruwan farko. Shi aka ɗauka. Hajiya ta haɗa takardun makin mutum taran a fayil guda, ta rubuta sunan matashiyar a saman murfin, domin kamfanin yana shirin buɗe ƙaramin sito a Bodinga bayan damina.